Adadin layi ya yi daidai amma kuɗi bai yi ba, ina matsalar take?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara, abin nan ya hana ni barci kwana uku. Ina kula da databes na wani kemis mai rassa bakwai, biyu daga ciki ba sa rufewa har dare. Ciniki yana shiga MySQL, sai kullum ƙarfe ɗaya na dare wani sikirif da na gada daga wanda ya riƙe aikin kafin ni ya kwashe sabbin bayanai ya zuba a PostgreSQL, can ake fitar da rahoton da oga da akanta suke dubawa. Ni abin da nake yi kullum da safe shi ne in buga `SELECT COUNT(*)` na cinikin jiya a nan in buga a can, in sun zo ɗaya in ce Alhamdulillah aiki ya tafi. To satin da ya wuce akanta ta kira ni ta ce jimillar kuɗin sati a rahoto ta fi abin da ke cikin manhajar kashiya da naira 187,400. Na koma na ƙirga, layi 48,312 a nan, 48,312 a can, ko ɗaya bai ɓace ba. Oga ya ce in kawo masa hujja cewa kwafin dare yana cika, ni kuma hujjar da nake da ita kenan kuma ga shi ta ƙi aiki. Me ya kamata in yi?

Bakatsine92:
Wa alaikumussalam. In dai adadi ya zo ɗaya ai kwafi ya cika ɗan uwa, matsalar tana wajen lissafin akanta ko kwerin rahoton. Ka duba log, in sikirif ya fita da 0 babu kuskure to kai ka fita, kar ka bari a ɗora maka.

Injiniya_Sabo:
A'a Bakatsine, wannan maganar ba haka take ba, kuma ita ce ke jefa mutane da yawa a rami. Ƙirgen layi abu ɗaya tak yake gaya maka: buhunan da suka tashi daga Dawanau su ne adadin da suka sauka. Bai gaya maka abin da ke cikin buhun ba. Layi ɗaya zai iya ɓacewa wani ya shiga sau biyu, adadi ya zo daidai. Ko kuma a gyara layi a MySQL bayan an riga an kwafe shi, gyaran bai bi shi can ba, adadi yana nan yadda yake har abada. Fita da 0 kuma ma'anarsa kawai sikirif bai faɗi ba, ba wai ya ɗauko duk abin da ya kamata ba.

Dan_Fagge kafin mu yi nisa amsa min abu biyu. Sikirif ɗin da me yake gane abin da zai ɗauka, da `id` ne ko da `updated_at`? Sannan teburin PostgreSQL ɗin akwai `PRIMARY KEY` a kan `id`?

Dan_Fagge:
Na gode Injiniya. Da `updated_at` yake, yana ɗaukar duk wanda ya fi lokacin da ya gudu na ƙarshe. `PRIMARY KEY` kuma akwai, yana amfani da `ON CONFLICT (id) DO UPDATE`.

Injiniya_Sabo:
Madalla, to maimaici ya fita daga lissafi tunda makullin ba zai bari `id` ɗaya ya shiga sau biyu ba. Saura abin da ke cikin layukan. Ceksam kake buƙata, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin layukan, in wani abu ya canza a ciki ita ma ta canza.

Mai_Saba:
Ni abin da nake yi mai sauƙi ne. Bayan na yi `mysqldump` sai in buga `sha256sum` a kan fayil ɗin, in tura shi ɗaya sabar da `rsync`, in sake bugawa a can. In lambobin sun zo ɗaya shikenan magana ta ƙare. Shekara huɗu ina haka ban taɓa samun matsala ba.

UmmuHanif:
Malam Mai_Saba naka daidai ne ga aikinka amma ba shi ake tambaya ba. Kai fayil kake ɗauka daga nan zuwa can, kana tabbatar da cewa bai lalace a hanya ba. Shi layuka ake ɗiba daga wani irin databes ana zubawa a wani iri daban, babu fayil ɗaya da zai auna a ɓangarorin biyu. Ko da zai fitar da fayil daga kowanne ba za su taɓa zuwa ɗaya ba don kowa da yadda yake rubuta nasa.

Mai_Saba:
Haka ne Malama, ban karanta da kyau ba, na ɗauka bakaf yake nufi. To ba zai yi amfani da `CHECKSUM TABLE` ba? Ai MySQL na da shi.

Injiniya_Sabo:
Yana da shi amma PostgreSQL ba shi da irinsa, kuma lambar da yake bayarwa ta dogara da yadda MySQL ya ajiye layin a cikinsa, har tsakanin MySQL biyu masu siga daban tana iya sauyawa alhali bayanan ɗaya ne. Haka `pt-table-checksum` na Percona, kaya ne mai kyau sosai amma don MySQL da ke kwafa zuwa wani MySQL aka yi shi. A nan dole ka haɗa naka da hannu, kuma ba wuya.

Dabarar ita ce kowane layi ka mayar da shi rubutu guda ɗaya ta hanyar da ɓangarorin biyu za su fitar da abu iri ɗaya harafi da harafi, ka yi masa `MD5` tunda dukkansu suna da shi, ka yanko haruffa takwas na farko ka mayar da su lamba, sai ka tara lambobin. Tarawa ba ruwanta da wane layi ya zo farko, don haka ba ka buƙatar jerawa. A MySQL:

```sql
SELECT DATE(created_at), COUNT(*),
  SUM(CAST(CONV(SUBSTRING(MD5(CONCAT_WS('|', id, branch_id,
    ROUND(amount*100), status, COALESCE(note,'~'))),1,8),16,10) AS UNSIGNED))
FROM sales GROUP BY 1;
```

A PostgreSQL:

```sql
SELECT created_at::date, count(*),
  sum(('x' || substr(md5(concat_ws('|', id, branch_id,
    round(amount*100), status, coalesce(note,'~'))),1,8))::bit(32)::bigint)
FROM sales GROUP BY 1;
```

Ka sa `WHERE` na satin da ake rigima a kai, kar ka saki wannan a kan tebur gaba ɗaya da rana tsaka kashiyoyi suna aiki. Kuma ka lura `bigint` na rubuta, in ka sa `int` kusan rabin lambobin za su koma ƙasa da sifili su ƙi haɗuwa da na MySQL.

Zindar_Kod:
Injiniya me ya sa ka ninka kuɗin da ɗari? Ba za a bar shi yadda yake ba?

Injiniya_Sabo:
Saboda wani ɓangaren zai iya rubuta 1500.50 ɗayan ya rubuta 1500.5 ko 1500.5000, ya danganta da yadda aka ayyana kolom ɗin a kowanne. A ido kuɗi ɗaya ne, a wajen `MD5` rubutu ne daban-daban, lamba ta canza gaba ɗaya. In ka mayar da shi kobo ya zama 150050 a ko'ina, rigima ta ƙare.

Bakatsine92:
To ni da na taɓa yin irin wannan `GROUP_CONCAT` na yi, na haɗa hash ɗin duk layuka wuri guda na yi musu `MD5` ɗaya. Ya fi wannan gajarta ai.

UmmuHanif:
Malam Bakatsine dan Allah ka koma ka duba wannan aikin naka in har yanzu yana gudana. `group_concat_max_len` a MySQL in ba ka taɓa shi ba 1024 ne. Kowane hash haruffa 32 ne da waƙafi ɗaya, 33 kenan, wato layi talatin da ɗaya na farko kawai yake aunawa ya yanke sauran. Gargaɗi kawai yake bayarwa, ba ya faɗuwa, kuma sikirif ba ya karanta gargaɗi sai an ce masa ya karanta. Wannan ni ya same ni da kaina a wani aiki na rajistar ɗalibai. MySQL ne zuwa MySQL, duk biyun suna yankewa a wuri ɗaya, wata biyu kullum ina ganin ceksam ya yi daidai ina murna, ashe ɗalibai talatin da ɗaya na farko nake ta dubawa cikin dubu goma sha wani abu. Ranar da na gane sai da na zauna shiru na kusan awa ɗaya a ofis, don rahoton da na riƙa sa wa hannu duk ba shi da tushe.

Bakatsine92:
Innalillahi. Wallahi ban san da wannan ba. Bari in duba yau.

Dan_Fagge:
Injiniya na gwada. Abin ya ƙara rikicewa. Duk kwana bakwan babu wanda ya haɗu, har adadin layi na kowace rana ya bambanta yanzu, misali Talata MySQL ya ce 6,904 PostgreSQL ya ce 6,911, Laraba kuma can ne ya gaza. Amma in na buga na sati gaba ɗaya da kwerina na da, 48,312 ne a duka biyun. Kodai na yi kuskure wajen kwafa?

Hauwa_Lissafi:
Wannan agogo ne Malam, ba ka yi kuskure ba. Alamarsa kenan, wata rana ta ƙaru wata ta ragu amma jimilla tana nan. Ka ce rassa biyu suna aiki har dare. MySQL ɗinku na ajiye lokacin Najeriya, can kuma na tabbata `timestamptz` ne sabar tana kan UTC, mu kuma muna gaba da UTC da awa ɗaya. Duk wanda ya zo sayen maganin zazzaɓi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, a nan cinikin Laraba ne, a can ya faɗa Talata. Kwerinka na da wataƙila akwai gyaran agogon a cikinsa shi ya sa ba ka taɓa gani ba. Canza layin farko na kwerin PostgreSQL zuwa wannan:

```sql
SELECT (created_at AT TIME ZONE 'Africa/Lagos')::date, count(*),
```

Dan_Fagge:
Allah Ya saka da alheri Hajiya, shi ne. Yanzu adadin kowace rana ya haɗu. Ceksam kuma kwana biyu sun haɗu, kwana biyar ba su haɗu ba.

Injiniya_Sabo:
Laifina ne wannan, da na tambaye ka irin kolom ɗin tun farko. To yanzu ka samu abin da ƙirge bai taɓa nuna maka ba: kwana biyar akwai layukan da cikinsu ya bambanta. Saura ka gano su wane ne. Kar ka zauna kana duba layi dubu bakwai da ido. Ka ɗauki rana ɗaya, maimakon ka kasa da kwanan wata ka kasa da `id DIV 1000` a MySQL, a PostgreSQL kuma `id / 1000`. Zai ba ka kashi bakwai ko takwas, ka ga wanne ne bai haɗu ba, shi kaɗai za ka fitar da `id` da hash na kowane layi daga ɓangarorin biyu ka zuba a fayil biyu ka buga `diff`. Kamar mai neman inda waya ta tsinke ne, rabi-rabi ake yi har a kai wurin.

Zindar_Kod:
Tunda ana maganar abin da ƙirge ba ya gani bari in faɗi nawa. Mu rajistar sunayen manoma muke kwafa daga wani tsohon databes, adadi daidai, kuɗi daidai, kowa na farin ciki. Sai da aka buga katuna aka kai ƙauye wani dattijo ya nuna mana sunan garinsu an rubuta da alamar tambaya a farko. Ashe haɗin da sikirif ke yi da databes a kan `latin1` yake, shi kuma ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, duk inda ya gan su sai ya sa `?`. Ɗanladi ya koma ?anladi, Ƙaura ta koma ?aura. Kuma abin baƙin cikin ba a iya gyarawa daga can tunda harafin ya riga ya tafi, sai an sake ɗaukowa daga tushe. Da mun sa kolom ɗin suna cikin ceksam da daren farko za mu kama shi. Mu kuɗi kawai muka tara muka ce ya isa. Don haka Dan_Fagge in kuna ajiye sunan mai saye ka saka shi a ciki.

Hauwa_Lissafi:
Gaskiya ne. Sai dai kuma ni ina ganin tara kuɗi kar a raina shi, shi ne akanta da odita suke fahimta. In ka je gaban oga ka ce masa hash ya zo ɗaya kallonka kawai zai yi. Amma in ka ce ga adadi, ga jimillar kuɗi na kowane reshe a nan da can, nan take zai gane. Ni ukun nake haɗawa, adadi, jimilla, da ceksam, biyun farko na mutane, na ukun nawa.

Abba_Tudun:
Tambaya daga ɗalibi dan Allah, me ya sa aka sa `COALESCE(note,'~')`? Na ga kamar ba dole ba ne.

UmmuHanif:
Dole ne ƙanena. `CONCAT_WS` tsallake `NULL` yake yi kamar babu shi. Ka ɗauka kolom uku ne, layi ɗaya yana da a, babu komai, b. Wani yana da a, b, babu komai. Duka biyun `a|b` za su fito, hash ɗaya, alhali bayanin ya koma kolom ɗin da ba nasa ba. Shi ya sa duk kolom ɗin da zai iya zama fanko ake ba shi wata alama da ba ta fitowa a cikin bayanan gaske. In `status` ɗinsu ma zai iya zama `NULL` to shi ma sai an sa masa.

Dan_Fagge:
Jama'a an kama ɓarawon. Layi 23 ne suka bambanta a satin. Ashirin daga ciki a MySQL `status` ɗinsu `void` ne, wato rasit ɗin da aka soke, mutum ya dawo da magani ko kashiya ya buga kuskure, amma a PostgreSQL har yanzu `paid` suke. Na tara kuɗinsu, 187,400 cif, ko kobo bai rage ba. Na bi diddigi na ga shafin da manajan reshe ke soke rasit yana canza `status` ne kawai ba ya taɓa `updated_at`, kuma kolom ɗin ba a sa masa `ON UPDATE CURRENT_TIMESTAMP` ba, manhajar ce ke cika shi da kanta a sauran wurare. In an soke rasit a ranar da aka yi ciniki babu matsala don dare bai yi ba tukuna. In sai washegari aka soke, sikirif ya riga ya kwafe shi a matsayin an biya, kuma ba zai sake waiwayarsa ba. Ban san tun yaushe ake haka ba, wannan shi ke tayar min da hankali yanzu, don rahoton watannin baya duk akwai shakka a kansu.

Sauran ukun kuma na zuba musu ido na rasa bambancin, `note` ɗinsu iri ɗaya nake gani amma hash daban.

Injiniya_Sabo:
Alhamdulillah. Ukun nan ka buga `HEX(note)` a MySQL, a can kuma `encode(convert_to(note,'UTF8'),'hex')`, ka kwatanta. Ina zargin sarari ne a ƙarshen rubutu ko alamar sabon layi ta Windows da sikirif ke gogewa. In haka ne sai ka yanke shawara ko ka daina gogewa ko ka goge a ɓangarorin biyu kafin hash, amma kar ka bar shi yana ihu kullum a kan abin da ba komai ba, don in ƙararrawa ta saba ƙarya wata rana ta gaske za ta buga kowa ya share.

Bakatsine92:
Na janye maganata ta farko. Amma ina da tambaya, yanzu in ya gyara `updated_at` ɗin ai shikenan ba ya buƙatar ceksam kullum ko? Nauyi ne a kan saba.

Injiniya_Sabo:
Ya toshe rami ɗaya ne. Akwai wani da `updated_at` ba ya iya toshewa ko an gyara shi. Kashiya ya fara ciniki ƙarfe 12:59 da daƙiƙa hamsin da takwas, layin ya samu wannan lokacin, amma netwok na reshe ya ja, `COMMIT` bai shiga ba sai bayan ƙarfe ɗaya da 'yan daƙiƙu. Sikirif ya zo ƙarfe ɗaya daidai bai gan shi ba tunda ba a kammala ba, ya rubuta cewa ya kwashe komai har ƙarfe ɗaya. Gobe zai nemi abin da ya fi ƙarfe ɗaya, wancan kuma 12:59 yake ɗauke da shi, ya faɗa tsakani kenan. Maganinsa sikirif ya riƙa komawa baya da minti goma ko sha biyar kowane dare, tunda akwai `ON CONFLICT` sake ɗauka ba ya cutarwa. Sannan ga gogewa, layin da aka yi wa `DELETE` a MySQL ba shi da `updated_at` da zai sanar da kowa, yana nan zaune a can. Wannan kam ƙirge na kama shi, shi ya sa ban ce a jefar da ƙirge ba.

Hauwa_Lissafi:
Ƙari a kan haka, a kula da lokacin da ake aunawa. In kwafi ya gudu ƙarfe ɗaya kai kuma ka zo bakwai na safe ka auna, duk rasit ɗin jiya da aka soke da asuba zai fito a matsayin bambanci alhali sikirif bai yi laifi ba. Awon ya biyo bayan kwafin nan take, kuma a kan ranakun da suka riga suka rufe, ban da yau. Sakamakon kuma kar ya tsaya a allo. Ka buɗe ƙaramin tebur ka riƙa zuba ranar da aka auna, lokacin awo, adadi nan da can, kuɗi nan da can, ceksam nan da can. Ranar da oga ya sake cewa kawo hujja wannan teburin za ka buɗe masa. Kuma ka sa ya turo maka saƙo ko an haɗu ko ba a haɗu ba, don in sai an samu matsala yake magana, ranar da shi kansa awon ya mutu shiru za ka ji ka ɗauka lafiya.

Dan_Fagge:
Na rubuta duka. To kwana nawa baya zan riƙa aunawa kowane dare? Teburin ya kai layi miliyan 19, ba zan iya bin sa duka kullum ba.

Injiniya_Sabo:
Ka tambayi akanta har kwana nawa aka yarda a soke rasit, ka ƙara kaɗan a kai. In sati biyu ne ka auna kwana talatin kullum, in dai akwai indeks a kan `created_at` ba zai daɗe ba. Gaba ɗayan kuma sau ɗaya a wata, daren da ciniki ya fi sauƙi, kashi-kashi da `id`.

UmmuHanif:
Ni ban yarda da sau ɗaya a wata ba Injiniya. Dokar soke rasit a takarda take, shi kuma ya gani da idonsa akwai shafin da ke taɓa bayanai ba tare da ya bar sawu ba, wa ya san ko akwai wani? Ni da zan raba miliyan 19 ɗin gida bakwai, kowane dare a bi kashi ɗaya tare da kwana talatin ɗin, cikin sati an zagaye tebur duka.

Injiniya_Sabo:
In sabar za ta ɗauka ban ƙi ba Malama, amma rassa biyu suna ciniki a wannan lokacin kuma databes ɗaya suke bugawa. Layi kusan miliyan uku a yi musu `MD5` kowane dare a kan injin da ban san ƙarfinsa ba, ni sai na auna kafin in ce eh.

Mai_Saba:
Ku ɗaga masa wani MySQL ɗin daga bakaf na daren ya yi awon a can mana, ba ruwansa da kashiyoyi. Sai dai fa lokacin bakaf da lokacin kwafi dole su zo kusa in ba haka ba kun koma maganar Hajiya Hauwa.

Abba_Tudun:
Ni har yanzu abu ɗaya bai zauna min ba. Tunda haruffa takwas kawai aka yanka, ba zai yiwu layuka biyu su lalace amma jimillar ta zo daidai ba?

Injiniya_Sabo:
Zai yiwu a lissafi, amma haruffa takwas ɗin nan lamba ce da ke kaiwa sama da biliyan huɗu, kafin kuskure biyu su share juna daidai wa daida abu ne mai nisa ƙwarai. In hankalinka bai kwanta ba ka yanki goma sha biyar ka canza `bit(32)` zuwa `bit(60)`. Abin da ba zai yi maka ba shi ne kare ka daga mutumin da ke da makullin databes ya zauna da gangan yana gyara duka ɓangarorin, wannan wani aikin ne daban.

Dan_Fagge:
Na duba ukun nan da `HEX`. Biyu `0D0A` ne a ƙarshe kamar yadda Injiniya ya ce, sikirif na gogewa. Na ukun ba haka ba ne, tsawonsa a MySQL haruffa 263, a PostgreSQL 255 cif, an yanke masa wutsiya kuma babu kuskure ko ɗaya a log. PostgreSQL ai ƙin karɓa yake yi in rubutu ya fi kolom tsawo ko ba haka ba? Kenan wani wuri a cikin sikirif ɗin ne ake yankewa, ina nema yanzu. Daren yau zan saki awon watan jiya gaba ɗaya in ga rasit nawa ne suka maƙale, gobe in Allah Ya kai mu akanta na jira na da ƙarfe tara.